Bibiyar kwastoma bayan ka tura farashi: sau biyu, sau huɗu, ko sau bakwai?

Wanda ya taɓa sayar da kaya masu nauyin kuɗi ya san wannan shirun. Mutum ya kira ka, ka je ka duba wurinsa, kun yi doguwar magana, ya ce ka turo masa farashi. Ka zauna da dare ka haɗa kwoteshan ka tura, alama ta nuna ya buɗe, daga nan kuma ko tari bai yi ba. Washegari ka ɗauki waya ka ajiye. Idan ka yi magana kana tsoron a ce ka cika naci, idan ka yi shiru kana tsoron wani ya shiga gabanka.

Ni aikina haɗa wa mutane wutar sola a Kano, kuma yawancin kwastomomina masu kemis ne da ƙananan asibitoci da makarantu masu zaman kansu. Na gwada tsari iri uku na bibiya: gajere mai saƙo biyu, matsakaici mai saƙo huɗu, da dogo mai bakwai ko fiye. Kowanne yana da inda ya dace, sai dai na daɗe ina yin tambayar a juye. Da nakan ce sau nawa ya kamata in tuntuɓe shi. Yanzu kafin in tura kwoteshan nakan ɗauki biro in lissafa sababbin abubuwa nawa nake da su da za su amfani wannan mutumin wajen yanke shawara. Adadin da na samu shi ne adadin saƙonnin, domin saƙon da ba ya ɗauke da komai sai “ina jiran amsarku” bashi yake ɗora wa mutum, kuma kowa ya san yadda ake yi da mai bin bashi: a ga kiransa a kife wayar.

Bari in ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe, don kwatancen ya tsaya a kan wani abu. A ce wani Alhaji ne mai babban kemis, yana da firij na ajiye allurai, da fankoki huɗu, da fitilu, da kwamfuta, da na'urar karɓar kuɗi. Na auna masa inbata mai 5kVA, da batirin litiyam na 48V 100Ah, wato kimanin 5kWh, da fanel shida masu 550W kowanne. A ce jimillar kuɗin naira miliyan 3.6 ne. A ƙasan takardar na rubuta cewa farashin na kwana 14 ne, saboda kayan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ba mai iya riƙe wa wani farashi na wata guda ba tare da ya yi kasada ba. Na tura ranar Talata.

Gajeren tsari

A nan saƙo biyu ne kawai. Na farko bayan kwana uku, na biyu a kwana na goma, daga nan ka rufe littafi. Na farkon ya tabbatar takarda ta isa kuma an gane ta, na biyun ya tuna cewa farashi ya kusa ƙarewa.

Amfaninsa a fili yake. Ba ya cin lokaci, ba ya ɓata zumunci, kuma ya dace da kayan da mutum zai iya yanke shawararsu shi kaɗai a tsaye, kamar canjin batir ɗaya ko ƙarin fanel biyu. Wanda zai kashe naira dubu ɗari biyu bai buƙatar wata guda yana tunani. Idan ya yi shiru kwana goma, ko ya saya a wani wuri ko buƙatar ta wuce. Matsalarsa ita ce yana ƙarewa kafin babban ciniki ya nuna. Alhajin nan mai kemis, a cikin kwana goma na farko, mai yiwuwa bai ma gama karɓar farashin sauran masu sola biyu da ya tuntuɓa ba. Kai ka rufe littafi a daidai ranar da shi ya fara kwatantawa. Na yi asarar aiki ta wannan hanyar fiye da sau ɗaya: bayan wata biyu in wuce ta gaban shago in ga fanel a kan rufi, in shiga gaisuwa, mai shagon ya ce, “Ai Malam, ka ɓace ne, na ɗauka ka fasa.”

Matsakaicin tsari, rana bayan rana

Wannan ne nake amfani da shi ga duk cinikin da ya kai miliyan, kuma a nan zan daɗe, domin abin da ke cikin saƙonnin ya fi yawansu muhimmanci.

Saƙo na farko yana fita ranar Alhamis, kwana biyu bayan kwoteshan. Ba na jiran mako, saboda da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma a wannan lokacin mutum yana tuna abin da muka tattauna. Ba na kuma turawa washegari, don ranar farko ta karantawa ce. Sabon abin da yake ɗauke da shi shi ne fassarar takardar zuwa maganar yau da gobe, da tambaya guda mai sauƙin amsawa. Kwoteshan cike yake da lambobi, mai kemis kuwa ba injiniya ba ne. Sai in rubuta: “Ranka ya daɗe, barka da warhaka. A taƙaice abin da na turo zai riƙe firij da fankoki da fitilu tun safe har rufe shago, batirin kuma ya kwana da firij ɗin. Abu ɗaya nake so in tabbatar: akwai niyyar ƙara na'urar sanyaya ɗaki nan gaba? Idan akwai, gara mu canza lissafin tun yanzu.” Tambayar da gangan ce. Amsarta e ko a'a ce, ba ta neman ya yi alkawarin komai, kuma mutumin da ya amsa ƙaramar tambaya ya dawo cikin hira. Kwatanta ta da “Alhaji ya ake ciki?”, wadda amsarta ta gaskiya ita ce “ban shirya ba”, maganar da mutanenmu ba sa son furtawa, don haka sai su zaɓi shiru.

Saƙo na biyu ranar Litinin, kwana na shida. Wannan na lissafi ne, kuma da alƙalumansa nake yi, waɗanda ya faɗa mini ranar da na je duba shagon. Ya ce janaretansa na aiki kamar awa shida a rana, yana shan kusan lita ɗaya a awa. Idan muka ɗauki litar fetur a naira 900, kuɗin mai ya zama 5,400 a rana, wato 162,000 a wata. Raba miliyan 3.6 da wannan, ka samu wata 22 da ɗoriya. Sai in rubuta masa haka a layi huɗu, in ƙara da cewa ban sa kuɗin bakin mai da gyaran janareta ba, kuma ban ɓoye cewa a damina da lokacin hazo fanel ba ya ba da wuta kamar yadda yake bayarwa a bazara. Wannan saƙon yana yin aikin da ni ba zan iya yi da kaina ba. Sau da yawa Alhaji ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba: akwai ƙanensa da suke haɗin jari, ko babban ɗansa mai riƙe da lissafin shago. Saƙon da za a iya tura wa wani a karanta a gane ba tare da ina wurin ba, shi ne ke shiga ɗakin da ake shawarar.

Saƙo na uku ranar Asabar, kwana na 11, saura kwana uku farashi ya ƙare. Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne in mayar da shi barazana, in ce idan ba a biya ba kuɗi zai ƙaru. Yanzu ina faɗin ranar ƙarewar a jimla ɗaya, sauran saƙon kuma hujja ce da mafita. Hujjar ita ce gajeren bidiyo na wani aiki makamancin nasa da na yi, da izinin mai wurin, tare da tayin in kai shi ya gani da idonsa, tunda gani ya kori ji. Mafitar kuwa zaɓi ne na biyu: a fara da inbata da batir da fanel uku, a ƙara sauran ukun bayan wata shida, ba tare da an canza komai a cikin haɗin ba. A lura ban rage farashi ba. Wanda ya saba rage kuɗi a saƙo na uku yana koya wa kwastomominsa ne cewa shiru yana da lada, kuma labari ba ya wuyar zagaya kasuwa.

A wannan matakin nake canza hanya. Idan biyun farko rubutu ne a WhatsApp, na ukun yakan zo da kiran waya ko saƙon murya na ƙasa da minti ɗaya, domin akwai manyan ’yan kasuwa da yawa da karatun dogon rubutu a waya ba ya cikin al'adarsu, amma za su saurari murya suna cikin mota. Idan kuma shagon yana kan hanyata, zuwa da kai ya fi aike.

Saƙo na huɗu ranar Talata, kwana na 21, kwana goma bayan na uku. Shi ne na rufewa, kuma sabon abin da yake bayarwa shi ne hanyar fita cikin mutunci. “Ranka ya daɗe, na san hidimomi sun yi yawa. Farashin da na turo ya wuce lokacinsa, don haka zan ajiye maganar a nan don kada in dame ka. Idan lokaci ne bai yi ba, ka faɗa mini watan da zan sake tuntuɓa. Idan kuma an riga an yi da wani, Allah ya sanya alheri, ba komai wallahi.” Abin da na lura shi ne wannan saƙon yakan fito da gaskiyar da ukun farko ba su fito da ita ba. Wani ya ce kuɗinsa na cikin kaya sai bayan Sallah. Wani ya ce mai gidan da yake haya ya hana a hau rufi. Wani ya ce an yi da wani, kuma wannan ma riba ce, don ka daina ɓata lokaci. Sharaɗinsa ɗaya ne: idan ka ce ka ajiye magana, to ka ajiye ta. Wanda ya yi sallama ya dawo bayan kwana uku da “Alhaji har yanzu shiru”, ya zubar da ƙimar duk abin da zai faɗa nan gaba.

Tazarar da ke tsakanin saƙonnin ita ce kwana 2, 4, 5, 10. Tana faɗaɗa ne saboda dalili. A farkon mako maganar tana da zafi a ran mutum, tuntuɓa kusa-kusa ba ta zama baƙuwa. Kowane shiru da ya biyo baya yana nuna cewa ko dai abin ba na gaggawa ba ne a wurinsa, ko yana jiran wani abu da ba ya hannunsa, kuma duka biyun ba a magance su da matsi. Tazarar da ba ta canzawa, a ce kowane kwana uku, tana kuma da wani aibi: da an yi sau uku mutum ya gane agogo ne ke turo saƙon, ya daina ɗaukarsa a matsayin magana daga mutum.

Lambobin nan ba wahayi ba ne, kalandar kwastoma ce ke gyara su. Ba na tura maganar kuɗi ranar Juma'a da rana. Goman ƙarshe na azumi da makon Sallah ba na ƙirga su cikin kwanakin, sai dai gaisuwa, kuma gaisuwar ba ta ɗauke da wutsiyar ciniki. Mai makaranta yana da kuɗi a makonnin farko na zango, lokacin da iyaye ke biya, don haka saƙo huɗu a tsakiyar dogon hutu asara ce ko da an tsara su da kyau. Asibitin da kwamiti ke zama sau ɗaya a wata, tambayar da ta fi kowace amfani a saƙon farko ita ce yaushe za a zauna, sai ka jera sauran saƙonnin su isa kafin ranar.

Dogon tsari

Masu koyar da dabarun talla a intanet suna son wannan: saƙo bakwai, takwas, har goma sha biyu. Za ka ji suna maimaita cewa kashi 80 cikin ɗari na ciniki sai an bibiya sau biyar yake faɗawa. Wannan adadi ya daɗe yana yawo daga wannan rubutu zuwa wancan ba tare da binciken da ya haife shi ba, don haka kada ka gina sana'arka a kansa.

Dogon tsari yana da wurinsa, amma sai an fahimci cewa abu biyu ne aka haɗa. Huɗun farko bibiya ce ta cinikin da ke kan tebur. Abin da ya biyo baya riƙon zumunci ne da wanda lokacinsa bai yi ba, kuma tazararsa kusan wata guda ce ko fiye: kwana na 45, na 75, na 105. Ya dace da aikin miliyan ashirin na asibiti ko masana'anta, inda kasafin kuɗi na shekara ne, mutum uku ko huɗu ne ke sa hannu, kuma ribar aiki ɗaya ta isa ta biya wahalar wata shida.

Inda yake karyewa shi ne wajen abin da za a faɗa. Kowa yana da abu huɗu na gaskiya game da kayansa: bayani, lissafi, hujja, da zaɓi. Na biyar da na shida daga ina za su fito? Dole su fito daga waje, daga wani abu da ya canza a duniyar kwastoman. Lokacin da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk lissafin janareta da na taɓa yi wa mutane ya tashi daga aiki, kuma wannan dalili ne na gaske na komawa ga tsohon kwastoma da sabon lissafi. Haka a Afrilun 2024, da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane kWh. Shigowar zafin Maris dalili ne, saukar farashin fanel dalili ne. Amma irin waɗannan ba sa zuwa bisa jadawalinka. Saboda haka ni ban ƙara rubuta saƙo na biyar zuwa na bakwai tun da wuri in jera su ba. Ina ajiye sunan mutumin da abin da ya hana shi, in jira dalilin ya zo. Wanda ya jera su tun farko, abin da yake ƙarewa da shi shi ne “Juma'at Mubarak, har yanzu muna nan da kaya masu inganci”, kuma ni kaina irin wannan lambar nake fara toshewa.

Akwai kuma kuɗin lokaci, wanda ba a cika lissafawa ba. A ce kana tura kwoteshan 40 a wata, kuma kowane saƙo na gaske, mai ɗauke da alƙaluman mutumin, yana cin minti goma. Idan ba wanda ya amsa da wuri, gajeren tsari saƙo 80 ne, kusan awa 13. Matsakaici saƙo 160, kusan awa 27. Mai bakwai saƙo 280, kusan awa 47, wato fiye da makon aiki guda a kowane wata. Mai sana'ar da shi ne injiniya shi ne mai talla ba zai iya wannan ba sai ya koma kwafa da liƙawa, da zarar ya koma haka kuwa sabon abin da ke cikin saƙon ya mutu.

Idan mutumin bai san ka ba

Duk abin da na faɗa a sama game da wanda ya nemi farashi da bakinsa ne. Wanda ka samo adireshin imel ɗinsa ko lambarsa ka tura masa talla bai taɓa jin sunanka ba, lissafinsa daban. Bai yi maka alkawarin komai ba, shirunsa kuma amsa ce. A nan gajeren tsari ne ya dace, saƙon farko da bibiya biyu, uku idan ta yi yawa, a cikin mako biyu zuwa uku, kuma a imel a riƙa amsawa a ƙarƙashin saƙon farko don mutum ya ga zaren maganar a wuri ɗaya.

Dalilin bai tsaya ga kunya ba. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida: ƙorafin da ake yi a kan saƙonninka ta hanyar danna `Report spam` kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu, kuma Google na ba da shawarar a zauna ƙasa da 0.1. Masu tura saƙo dubu biyar ko fiye a rana dole su sa hanyar ficewa da dannawa ɗaya. Kowace bibiya da ka ƙara wata dama ce ka ba wanda ya gaji da kai ya danna wancan maɓallin, kuma idan sunan adireshinka ya ɓaci, har kwoteshan da kwastoma na gaske ya nema zai iya faɗawa akwatin `Spam`. A WhatsApp abin ya fi tsanani, domin ƙa'idarsu ta kasuwanci ta ce sai mutum ya yarda kafin ka riƙa tura masa saƙo, kuma yawan `Block` da `Report` na iya jawo a rufe lambar da duk kwastomominka suka sani. Kamfanonin da ke aiki da babbar manhajar WhatsApp ta kasuwanci suna da ƙarin iyaka: bayan awa 24 da saƙon kwastoma na ƙarshe, ba su da ikon tura komai sai rubutun da WhatsApp ta riga ta amince da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ma ta ba mutum haƙƙin cewa a daina turo masa talla, kuma da ya faɗa dole a daina. Ko ba doka, wanda ya ce “a bar maganar” an gama da shi ke nan, ko saura saƙo nawa a jadawali.

Yadda za ka gane naka adadin

Kada ka auna da buɗewa. Tun 2021 manhajar imel ta Apple ke ɗauko saƙonni da kanta ta yadda za a nuna maka an buɗe ko da mutum bai duba ba, shuɗiyar alamar WhatsApp kuma kowa na iya kashe ta. Amsa ita ce ma'auni. Ka ware shafi a littafi ko a `Excel`, kowane kwastoma layi ɗaya: ranar kwoteshan, kuɗin aikin, lambar saƙon da ya amsa, da abin da ya ce. Ka ƙara gurbi ɗaya na waɗanda suka nuna ɓacin rai ko suka toshe ka.

Bayan mutum hamsin ko sittin hoto zai fara fitowa. A ce cikin 60, mutum 18 sun amsa a saƙo na farko, 10 a na biyu, 7 a na uku, 8 a na huɗu, sannan na biyar da na shida suka kawo mutum ɗaya-ɗaya tare da toshewa uku. Wannan littafin ya gaya maka ka tsaya a huɗu. Idan kuwa ka ga na ukun ba ya kawo kowa amma na huɗun yana kawowa, matsalar tana cikin abin da na ukun ya ƙunsa, sai ka canza shi kafin ka yi tunanin cire shi. Idan mutane na yawan cewa “ai mun riga mun yi da wani” tun a saƙo na biyu, tazararka ta farko ta yi tsawo. Idan suna cewa “Malam ka ɗan ba ni lokaci mana”, ta yi gajarta. Ka kuma raba manyan ayyuka da ƙanana a lissafin, don idan ka cakuɗa su za su ba ka matsakaicin da bai dace da ko ɗaya ba.

Wani abu da ke ɓata littafin shi ne “in sha Allahu za mu yi magana”. Amsa ce, amma ba ta motsa komai ba. Ni nakan karɓe ta da godiya in nemi rana: “To Alhaji, in leƙo ranar Laraba bayan la'asar, ko sai wani makon?” Idan ya ba da rana, jadawalin ya tsaya, ranarsa ce ke aiki. Idan ya sake cewa za a yi magana, ina ɗaukar ta kamar shiru in ci gaba da ƙirga.

Zaɓin da nake yi a yau ke nan. Ƙaramin aiki, ko mutumin da bai san ni ba, bibiya biyu. Aikin miliyan zuwa sama da mutum ya nemi farashinsa da kansa, huɗu a cikin mako uku, tazara tana faɗaɗa, ta ƙarshen ta sallama ce. Babban aikin da kwamiti ke yanke wa hukunci, huɗun nan dai, sannan sunan ya koma wani shafi da na rubuta wa “sai dalili ya zo”, inda kowane layi ke da abin da ya tsayar da cinikin da watan da mutumin ya ambata. A farkon kowane wata nake buɗe shafin. Wanda watansa ya kama, in sake masa lissafi da farashin ranar kafin in ɗauki waya; wanda kuma ya shekara a shafin ba wani motsi, in ja masa layi.